Baƙo a Sahun Wazifa: Nasiha Kan Kaɗaicin Ɗan Cin Rani

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, Wanda Ya shimfiɗa ƙasa Ya watsa arzikin bayinSa a cikinta, har ya zama ana haifar mutum a Gazawa amma abincinsa yana Kano. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, wanda ya ɗanɗani ɗacin barin mahaifa, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Allah Ya ƙara yarda ga Shehunmu Ahmadu Tijjani, da Maulanmu Shehu Ibrahim Inyass, da sauran shehunanmu da muƙaddamanmu.

Bayan haka, ya 'yan uwana ahbabu, ni ɗalibi ne ƙarami a cikinku, kuma wannan tunatarwa ce daga ƙane zuwa ga yayye da sa'o'i. Maganar a kan samarinmu ce na ƙasar Agiye da Gazawa da Gidan Rumji, waɗanda suke barin gida kowace shekara su tafi bida.

Kowa a cikinmu ya san yadda abin yake. Da zarar an yanke hatsi an ɗaure dammuna, an roro wake, an tone gujiya da aya, sai maigida ya leƙa rumbu ya ga abin da ke ciki ba zai kai iyali wata damina ba. Daga nan samari su fara ɗaure kaya. Wasu su yi arewa, Agadas da Aljeriya da Libiya. Masu yawa kuwa kudu suke yi. Mutanen Tibiri da Cadakori da Gidan Sori su biyo ta Maraɗi, su bi Ɗan Isa su faɗa Jibiya, na Cadawa da Gangara da Gazawa su ma su gangara Katsina, daga nan a wuce Kano ko Kaduna ko Abuja ko Ikko. Ana fita wajen watan Nuwamba ko Disamba, ana sa ran komowa a Mayu ko Yuni kafin ruwan shuka. Wata shida ke nan ko bakwai, rabin shekarar saurayi ko fiye.

Idan suka dawo mukan tambaye su abin da suka samo. Da wuya ka ji an tambayi ɗayansu da wa yake cin abincin dare a can, ko wa ya duba shi ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi. Wannan ɓangaren nake so mu tsaya a kansa.

Halwa daban, kaɗaici daban

Mu mutanen ɗariƙa muna da wani kuskure da yake saurin shigar mu a nan. Mun saba jin falalar halwa da kaɗaita da Allah, to idan yaro ya ce yana jin kewa sai mu ce masa ya riƙe carbi, wanda yake tare da Allah ba ya kaɗaici. Maganar gaskiya ce a matsayinta, amma an ba da ita ga wanda bai kai wurin ba tukuna.

Halwa abu ce da muridi yake shiga da zaɓinsa, da iznin shehinsa, tana da kwanaki ƙididdigaggu, akwai mai kawo masa abinci, akwai mai jiran fitowarsa. Ana sane da shi ko da ba a ganinsa. Kaɗaicin ɗan cin rani kuwa bai zaɓe shi ba, ba wanda ya sa masa iyaka, kuma ba mai jiran fitowarsa. Ana ganinsa kullum amma ba a san da shi ba. Alamar da za ka rarrabe su da ita a fili take: mai halwa yana fitowa zuciyarsa ta yi taushi, yana son mutane. Wanda kaɗaici ya ci kuwa zuciyarsa bushewa take yi, ya riƙa zargin kowa, ibadar ma ta yi masa nauyi.

Kuma kewar gida ba raunin imani ba ce. Uwar Muminai Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta ba da labarin cewa da Muhajirai suka isa Madina zazzaɓi ya kama mahaifinta Sayyidina Abubakar da Sayyidina Bilal. Shi Bilal idan zazzaɓin ya sake shi sai ya ɗaga murya yana ambaton kwarin Makka da ciyayinta da duwatsunta, yana burin ko zai sake kwana a can. Garin da aka azabtar da shi a kan rairayi mai zafi ke nan, amma ga shi yana begensa. Da labari ya kai ga Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, bai ce Bilal ya gaza ba. Addu'a ya yi Allah Ya sanya musu son Madina kamar yadda suke son Makka ko fiye, Ya kuma kawar da zazzaɓinta. To idan Bilal ya yi kewa alhali yana maƙwabtaka da Fiyayyen halitta, wane ne ɗan Gazawa mai shekara 19 da za a ce kada ya yi?

Mu ɗauki misali ɗaya

Domin maganar ta zauna, mu ɗauki saurayi guda daga wani ƙauyen Gazawa wanda ya sauka Kano yana sana'ar garuwa, kamar yadda 'yan Nijar da yawa suke yi a can. Ba wani mutum sananne nake nufi ba, siffa ce wadda duk mai ɗan uwa a wannan sana'a zai gane ta.

Yana tashi kafin asuba domin ya kama layi a rijiyar burtsatse. Kurar da yake turawa ta haya ce, kullum sai ya biya mai ita, ya yi ciniki ko bai yi ba. Yana ɗora mata jarka 12, kowacce lita 25, wato kilo 300 na ruwa ban da nauyin kurar. Yana kai wa gidaje da masu abinci da masu wanki har rana ta take, ya ɗan kishingiɗa a inuwa, la'asar ya koma. Da dare ya kwana a shagon wani ko a kangon da ake ba su gadi, su biyar ko shida, kowa ya gaji, kowa ya juya wa ɗan uwansa baya da waya a hannu.

Ku lura, wannan yaro bai je ƙasar da ba a jin harshensa ba. Hausa ake yi, kiran salla yana tashi ta kowace kusurwa, tuwon ma irin na gida ne. A yini yakan yi magana da mutum 50 ko fiye. Duk da haka kaɗaici yana cinsa, kuma dalilan guda uku ne.

Na farko, ya rasa sunansa. A ƙauyensu shi wane ne ɗan wane, jikan wane, an san gonarsu, an san ranar da aka raɗa masa suna. A birni sunansa "mai ruwa". Yara ma haka suke kiransa. Mutum zai iya yin wata uku bai ji an kira shi da sunan da ubansa ya raɗa masa ba sai a waya.

Na biyu, ba wanda zai lura idan babu shi. Ranar da ya kwanta ciwo, matar da yake kai wa ruwa za ta kira wani mai kurar, ba don mugunta ba, ruwa take buƙata. Mai kura kuwa kuɗin hayarsa zai tambaya. A gida idan bai fito sallar asuba ba, kafin hantsi an aiko a ji ko lafiya.

Na uku shi ne mafi ɓoyuwa, kuma shi ya fi yin ɓarna: kunyar kuɗi. Duk kiran da ya yi gida, bayan gaisuwa sai maganar hatsi ya ƙare, ko ƙanwa ba lafiya, ko an sa ranar bikin wane. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, abin da zai tara kafin ya haɗa jika goma ta sefa ya ƙaru sosai, alhali a gida lissafin da aka saba da shi ake yi. Sai ya fara jinkirta kira har sai ya sami abin aikawa. Mako ya zama biyu, biyu su zama wata. Da daɗewar shirun, da ƙaruwar nauyin kiran, domin yanzu sai ya yi bayanin shirun ma. A ƙarshe ya ga lambar mahaifiyarsa tana kira ya bar wayar ta yi ta ƙara. Igiya ɗaya da ta rage masa, shi da kansa ya sake ta, kuma ba don ya daina son su ba.

Idan aka haɗa da rufe iyaka, kamar yadda Najeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, sai tafiyar da take ta yini guda ta zama mai tsada da wahala, wanda ya saba leƙa gida a tsakiyar rani ya haƙura.

Maganin da Manzon Allah ya yi wa baƙunci

Da Muhajirai suka taru a Madina a shekarar farko ta Hijira, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, bai tsaya ga yi wa Ansaru wasiyya da baƙi a dunƙule ba. Ya ƙulla 'yan uwantaka tsakanin mutum da mutum, wane da wane, kowa da sunansa. Hikimar a fili take. Abin da aka ɗora wa jama'a baki ɗaya kowa yakan zaci wani ya yi. Abin da aka ɗora wa mutum ɗaya da sunansa kuwa ya san shi za a tambaya.

Ya haɗa Abdurrahman ɗan Aufu da Sa'adu ɗan Rabi'u. Sa'adu ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, Abdurrahman ya sa masa albarka ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa kawai, ya je ya dawo da ɗan ribar cuku da man shanu. Darasi biyu ne a nan. Ɗan gari ya buɗe hannu, baƙo kuma ya tsare mutuncinsa. Abin da baƙon ya karɓa shi ne a nuna masa gari, kuma shi ne abin da samarinmu suka fi buƙata fiye da sadaka. Bayan wani lokaci Manzon Allah ya ga alamar turare mai launin rawaya a jikin Abdurrahman, ya tambaye shi, ya ji ya yi aure, ya umarce shi da yin walima ko da da akuya ɗaya ce. Ku dubi irin wannan lura: shugaban al'umma duka, amma ɗan canji a jikin tufar baƙo bai wuce shi ba.

Haka kuma labarin baiwar Allah nan da take share masallaci. Ta rasu da dare aka binne ta ba a sanar da shi ba, kamar an ga lamarinta bai kai a tashe shi ba. Shi ne ya rasa ganinta, ya tambaya, ya sa aka nuna masa kabarinta ya je ya yi mata salla. Sunna ce ke nan a lura da wanda ba a gani ba, ko da mai shara ne, ko da mai ruwa ne.

Abin da ɗariƙa ta riga ta ba mu

Shehu Tijjani, Allah Ya ƙara masa yarda, shi ma ya san baƙunci. An haife shi a Ainu Madi, ya yi yawon neman ilimi da hajji, ya zauna a Abu Samgun, sannan ya koma Fas a 1798, can ya rasu a 1815 nesa da mahaifarsa. Idan muka dubi yadda aka tsara wuridan ɗariƙarsa, za mu ga an raba su yadda muridi ba zai yini shi kaɗai ba. Lazimi na safe da na yamma tsakaninka da Ubangijinka ne, kai kaɗai kake yinsa. Wazifa kuwa, matuƙar akwai 'yan uwa a garin kuma ba ka da uzuri, a cikin jama'a ake yinta. Haka zikirin Juma'a bayan la'asar. Cikin sharuɗɗan da muka karɓa ranar da aka yi mana talƙini akwai kiyaye salloli biyar cikin jam'i gwargwadon iko, da biyayya ga iyaye, da nisantar yanke hulɗa da mutane, musamman 'yan uwa. Wato wanda ya cika sharuɗɗansa, ko a ina yake, yana da wurin zuwa kullum, da mutanen da zai zauna a tsakiyarsu, da uwar da dole ya kira.

To yaya saurayinmu mai garuwa zai mayar da wannan ya zama aiki? Ga abubuwa huɗu, ba wanda yake cin kuɗi mai yawa a cikinsu.

Na ɗaya, ya zaɓi wurin wazifa guda ɗaya ya lizimce shi. Kano cike take da zawiyoyi, tun daga manya irin ta Shehu Atiku a Sanka da ta Shehu Tijjani Usman a Zangon Barebari, har zuwa ƙananan masallatan unguwa inda mutum 10 ko 15 suke shimfiɗa farin ƙyalle bayan magariba. Manyan a je su ziyara da zikirin Juma'a. Amma don maganin kaɗaici ƙaramar ta kusa da makwancinsa ta fi, domin a taron ɗaruruwa ba a gane wanda bai zo ba, a da'irar mutum 12 kuwa gurbinsa a fili yake. Kada ya yi yau nan gobe can. Ya zauna a gefe ɗaya na da'irar kullum, kusa da mutanen nan dai. Wazifa gaba ɗayanta, istigfari 30, Salatul Fatihi 50, hailala 100 da Jauharatul Kamali 12, ba ta cika wuce rabin sa'a ba. Idan ya tsara zuwansa na ƙarshe ya ƙare kafin faɗuwar rana, ya rage jarka ɗaya don kansa ya watsa ruwa ya sauya riga, zai samu. Ya ware riga ɗaya mai tsarki don wannan kawai, saboda yawancin masu aikin ƙarfi kunyar tufafinsu ce take hana su shiga sahu.

Na biyu, kada ya tashi da an shafa. Mintoci goman nan na bayan addu'a, lokacin musafaha da gaishe-gaishe, a nan ake sanin juna. Ya je ya gaida muƙaddami ko limamin wurin, ya faɗi sunansa da garinsu da wanda ya ba shi ɗariƙa da sana'ar da yake yi. Magana ce ta numfashi uku, amma daga ranar ya tashi daga "wani yaro" ya koma wane na Gazawa, almajirin malam wane. Da ma a ce tun kafin ya baro gida muƙaddaminsa ya ba shi 'yar takarda, ko ya aika saƙon murya ga wani muƙaddami a garin da za shi. Kakanninmu fatake ba sa shiga gari sai sun san fatoman da za su sauka a wurinsa, shi zai ba su masauki ya tsaya musu a ciniki. Zangon da muke gani a garuruwa tun daga nan har Kumasi asalinsa ke nan. Zawiya ita ce zangon muridi.

Na uku, ya karɓi wata 'yar hidima. Wanda ake yi wa alheri kullum baƙo ne, wanda yake da aiki a wuri kuwa ɗan gida ne. Mai garuwa yana da abin da ya fi kowa: ya cika randar alwala da jarka ɗaya kowace Juma'a. Wani ya ɗauki naɗe tabarmi, wani wanke farin ƙyallen wazifa. Amfaninta biyu ne. Yana da ladan hidima, kuma ranar da bai zo ba randa za ta faɗa, dole a tambaya ina wane.

Na huɗu, ya raba kiran gida da aiken kuɗi. Ya sa rana ɗaya a mako da lokaci ɗaya, misali Juma'a bayan an tashi daga zikiri, ko ranar kasuwar garinsu lokacin da ƙanensa yake zuwa inda ake samun layi da cajin waya. Ya gaya wa mahaifiyarsa tun farko: "Inna, duk ranar nan zan kira, da kuɗi ko babu." Idan babu, ya faɗa tun a farkon magana, "Wannan makon ban samu ba, a sa ni a addu'a," sannan a ci gaba da hira. Nauyin yana cikin ɓoyewa ne, da an faɗa ya sauka. Idan kuɗin kira ya yi yawa, saƙon murya na minti biyu ta wayar wani ɗan uwa ya isa. Kuma ya riƙa tambayar ƙananan abubuwa, akuyar nan ta haihu, wa ya yi limanci da malam ba ya nan, an gyara rijiyar. Su ne suke sa mutum ya ji har yanzu yana cikin garin. Wanda yake Libiya ya tuna agogonsu yana gaba da na gida da sa'a ɗaya, na Najeriya da na Aljeriya kuwa daidai suke da namu.

A kan waɗannan zan ƙara ɗaya ga masu kwana ɗaki guda: ku raya ciyayya. Maimakon kowa ya sayi nasa ya juya baya, ku haɗa a kwano ɗaya ko sau ɗaya a yini, a ajiye wayoyi har a gama. Wanda bai yi ciniki ba ranar nan ya ci ba tare da ya roƙa ba, gobe shi ma zai ɗauki wani.

Nauyin da ke kan 'yan gari da na gida

Duk wannan ba zai yi aiki ba idan yaro ya zo zawiya kwana bakwai ba wanda ya ce masa daga ina. Ya ku 'yan uwa mazauna birane, a nan gyaranmu yake. Sau da yawa da an shafa kowa sai ya juya ga wanda ya sani, masu manyan riguna su kewaye malam, mai kura ya ɗauki takalminsa ya fita. Bai ji an kore shi ba, amma bai ji an karɓe shi ba, kuma a mako na biyu ba zai dawo ba.

Ina roƙon muƙaddamanmu, cikin ladabi, su raya sunnar nan ta haɗa mutum da mutum. Idan baƙo ya bayyana, a ce wane, ga ɗan uwanka, kai za a tambaya game da shi. Aikin wanda aka ɗora wa ba shi da yawa: ya karɓi lambarsa, ya san inda yake kwana, ya nuna masa asibitin kusa da mai canjin da ba ya cuta, ya kira shi cin tuwo a gidansa ko sau ɗaya a wata, ranar Salla kuma kada ya bar shi a kango. Idan kwana uku suka wuce ba a gan shi a wazifa ba, ya taka ya je. Kuma a kiyaye ɗora wa irin waɗannan yara karo-karon Maulidi ko na ziyara a bainar jama'a, domin wanda ya ji kunya sau ɗaya saboda babu, zai guji wurin kamar yadda yake gudun kiran gida.

Mu kuma da muke gida, a Agiye ko Gazawa ko Gidan Rumji, mu gyara yadda muke kira. Cikin kira uku, a bar biyu ba maganar kuɗi. Kada a riƙa ba shi labarin ɗan wane da ya aiko da babur. Muƙaddamin ƙauye ya riƙe sunayen almajiransa da suka tafi, a ambace su ɗaya bayan ɗaya a addu'ar bayan zikirin Juma'a, sannan a sanar da su an yi. Wanda ya san ana kiran sunansa a masallacin garinsu kowace Juma'a, ba zai ɗauki kansa wanda aka manta ba.

Yadda ake gane abin ya wuce kewa

Kewa ta yau da kullum tana zuwa tana tafiya, ta fi tsanani da dare da ranakun Salla, kuma tana sauƙi idan an yi hira ko an ji muryar gida. Akwai kuma lokacin da take rikiɗa ta zama ciwo. Alamun farko sukan bayyana a wuridi: wanda bai taɓa barin lazimi ba sai ya fara tara ramuwa, ya bar jam'i, ya bar wazifa. Sannan waya ta yi ta zama a kashe. Sannan a ga ya fara shan tiramol ko makamancinsa, da sunan ƙarin ƙarfin tura kura, alhali rabin dalilin don ya daina tunani ne. A wannan matakin faɗa da gori ba sa ƙara masa komai sai nisa. A je a zauna da shi, a ci abinci tare, a tambaye shi a saurara.

Idan kuwa ya kai mako biyu ba ya barci ko ba ya cin abinci, ba abin da yake faranta masa rai, ko ya fara cewa gara ya mutu ya huta, ko yana jin muryoyin da ba wanda yake ji, to wannan ciwo ne da yake buƙatar likita, kamar yadda karaya take buƙatar maɗori. A yi masa addu'a, a kuma kai shi asibiti, ɗaya ba ya hana ɗaya. A Kano akwai asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa a Dawanau, akwai kuma sashenta a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Wanda ya ambaci kashe kansa kada a bar shi ya kwana shi kaɗai, kuma a sanar da wani babba daga danginsa. Wani lokaci mafi alheri shi ne 'yan uwa su haɗa masa kuɗin mota ya koma gida kafin damina, ko da hannu wofi. Iyaye sun fi son ɗansu da ransa da hankalinsa a kan jika hamsin.

Ya ɗan uwana da kake karanta wannan a kan tabarmar kango ko a bakin shago, gobe da magariba ka nemi inda ake wazifa mafi kusa da kai, ka zauna har a watse, ka faɗa wa mutum ɗaya sunanka. Kai kuma ɗan gari, ka duba da'irarku yau, akwai fuskar da ka saba gani amma ba ka san sunan mai ita ba. Fara da shi.

Allah Ya tsare matafiyanmu a duk inda suke, Ya sanya albarka a guminsu, Ya haɗa su da mutanen kirki, Ya mayar da su ga iyayensu lafiya kafin ruwan shuka. Allah Ya ba ƙasashenmu zaman lafiya da damina mai albarka, Ya jiƙan magabatanmu, Ya tabbatar da mu a kan son Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, da son juna dominSa. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.